Wanda aka haifa ranar 29 ga Fabrairu, yaushe shekararsa take cika?

Yarinyar da aka haifa a Kuseri ranar 29 ga Fabrairun 2008, a wace rana ce ta 2026 take cika shekara 18? Kalandar 2026 ba ta da 29 ga Fabrairu. Watan ya ƙare ranar Asabar 28, gari na wayewa Lahadi sai 1 ga Maris. A tsakanin kwanakin nan biyu ne gardamar take, kuma duk ƙarshen Fabrairu sai ta taso a majalisu da zaurukan hira na waya. Wani ya ce 28, tunda 'yar Fabrairu ce. Wani ya ce 1 ga Maris. Mai neman raha kuma ya ce ai shekararta huɗu da rabi kacal, a bar ta ta girma tukuna.

Zancen mai raha ba ya buƙatar dogon bayani. Ana ƙidaya shekarun mutum ne da lokacin da ya wuce tun daga haihuwarsa, ko lambar ranar ta bayyana a kalanda ko ba ta bayyana ba. Babu wata hukuma da ke raba shekarun mutum gida huɗu. Morarji Desai, wanda aka haifa ranar 29 ga Fabrairun 1896, yana da shekara 81 ya zama firaministan Indiya a 1977, kuma da 81 ɗin aka san shi. Gardama ta gaskiya a kan kwana ɗaya tak take, sai dai akwai wuraren da wannan kwana ɗaya yake iya raba yaro da babba a gaban alƙali, ko ya ja wata guda na albashi.

## Daga ina ranar ta fito

Duniya ba ta gama zagaya rana a kwana 365 cif. Tana ƙarawa da awa 5 da minti 48 da 'yan daƙiƙoƙi, wato kusan rubu'in yini. Kalanda kuwa ba ta da gurbin rubu'in yini, sai ta bar wannan guntu yana taruwa. In ya taru shekara huɗu ya kusa cika kwana guda, sai a liƙa shi a ƙarshen Fabrairu. Shekarar da aka yi wa ƙarin, mai kwana 366, ita malaman hisabi suke kira kabisa.

Tsarin ƙara kwana duk shekara huɗu ya faro ne daga gyaran kalandar da Yuliyus Kaisar ya yi a Rum. Amma rubu'in da yake ƙarawa ya ɗan fi na gaskiya da kamar minti 11 a shekara, abin da ke zama kwana guda a cikin shekara 128. Kafin ƙarni na 16 kuskuren ya taru ya kai kwana 10. A 1582 Fafaroma Giregori na 13 ya sa aka tsallake su, aka kwana 4 ga Oktoba aka tashi 15 ga Oktoba, sannan aka kafa ƙa'idar da muke bi har yau. Shekarar da ta rabu da 4 kabisa ce. Amma shekarar cikar ƙarni, mai sifili biyu a ƙarshe, ba ta zama kabisa sai ta rabu da 400. Shi ya sa 2000 ta samu 29 ga Fabrairu, 1900 ba ta samu ba, 2100 ma ba za ta samu ba. Desai da muka ambata sai da ya shekara takwas, a 1904, kafin ya ga lambar ranar haihuwarsa a kalanda.

A lissafi, ranar tana zuwa sau ɗaya a cikin kwana 1461. Ke nan a duk mutum dubu ɗaya da ɗari huɗu da 'yan kai ana sa ran samun guda ɗaya. Ba su da yawa, amma a gari kamar Garwa ko Marwa ba za a rasa su ba.

## Hujjar masu 28 da hujjar masu 1 ga Maris

Masu 28 suna cewa an haifi yarinyar a ranar ƙarshe ta Fabrairu, don haka duk shekara ranar ƙarshe ta Fabrairu ce tata. Kuma in ka ƙirga kwana 365 daga 29 ga Fabrairu, a kan 28 ga Fabrairun baɗi za ka sauka. Wannan gaskiya ne, kowa na iya gwadawa da kalanda.

Masu 1 ga Maris sun ɗauko zancen ta wata hanya. Suka ce a duba yadda ake yi wa kowa. Wanda aka haifa 10 ga Maris, shekararsa tana ƙarewa da ƙarewar 9 ga Maris, ranar 10 kuma ita ce farkon sabuwar shekararsa. To, wadda aka haifa 29 ga Fabrairu, jajibirin ranarta shi ne 28. Sai 28 ta ƙare ƙurmus sannan shekararta ta cika. Ranar da ke biye da 28 ita ce ranarta, ko sunanta 29 ga Fabrairu ko sunanta 1 ga Maris.

Mutum zai yi tsammanin ƙidayar kwanaki za ta raba gardamar. Mu gwada. A ce jarirai uku aka haifa a asibiti ɗaya a jere: na farko ranar Alhamis 28 ga Fabrairun 2008, yarinyarmu ranar Juma'a 29, na uku ranar Asabar 1 ga Maris. Na farko babu wanda ke jayayya cewa 28 ga Fabrairun 2026 yake cika 18, kuma a ranar ya yi kwana 6575 a duniya, domin ya ratsa 29 ga Fabrairu har sau biyar: 2008, 2012, 2016, 2020 da 2024. Na uku shi ma babu jayayya, 1 ga Maris na 2026 yake cika 18, amma da kwana 6574, domin ta 2008 ta riga ta wuce kafin ya zo. Ka ga ke nan shekara 18 ba ta da adadin kwanaki guda ɗaya tsayayye. Ita kuwa ta tsakiya, ranar 28 ga Fabrairun 2026 kwanakinta 6574 ne, daidai da abin da ya ishi na uku. Ranar 1 ga Maris kuma 6575 ne, daidai da abin da ya ishi na farko. Kowane ɓangare ya samu shaida.

Ko an koma ga tafiyar rana ma haka abin yake. Jaririn da aka haifa da ƙarfe 12 na rana a 29 ga Fabrairun 2024, duniya ta dawo inda take sa'ar haihuwarsa ne da wajen magariba ranar 28 ga Fabrairun 2025. A 2026 sai dab da tsakar daren 28. A 2027 kuma da asubahin 1 ga Maris. A 2028 sai hantsin 29 ga Fabrairu. Lokacin yana ja gaba da kusan awa shida duk shekara, har kabisa ta zo ta mayar da shi.

Tunda lissafi bai yanke ba, abin ya zama na yarjejeniya, kuma ƙasashen da suka rubuta shi a doka ba su yi baki ɗaya ba. Dokar Hong Kong ta ce 1 ga Maris. Ƙa'idar lasin tuƙi ta New Zealand ta ce 28 ga Fabrairu. Ingila ta rubuta a dokarta ta 1969 cewa mutum yana kai shekarun da ake magana a farkon ranar zagayowar haihuwarsa, fassarar da aka saba yi wa wannan kuwa ga ɗan 29 ga Fabrairu ita ce 1 ga Maris.

A Faransa, wadda dokokin Kamaru da Cadi suka gaji salon rubutunta, akwai wata ƙa'ida da masu 28 suke yawan kafa hujja da ita. Ƙa'idar ta ce wa'adin da aka ƙayyade da watanni ko shekaru yana ƙarewa a ranar da ke da lamba irin ta ranar farawa, in kuma watan ba shi da wannan lambar, sai wa'adin ya ƙare a ranar ƙarshe ta watan. Wa'adin shekara guda da ya fara 29 ga Fabrairu zai ƙare ke nan 28 ga Fabrairu. To amma a lura, ƙa'idar wa'adin shari'a ce, kuma wa'adi yana ƙarewa ne da tsakar daren ranarsa ta ƙarshe. In an bi ta sosai, daidai ƙarfe 12 na daren da ya raba 28 da 1 ga Maris za ta kai mutum, wato inda masu 1 ga Maris suke tsaye. A ganina ɓangarorin biyu suna nuna ƙofa ɗaya ce, wani daga ciki wani daga waje.

## A Kamaru da Cadi, wane shekaru ne abin ya shafa

Akwai wani sauƙi da mutane ba sa lura da shi. Ba duk iyakar shekaru ce take faɗawa cikin wannan matsala ba. In iyakar ta rabu da 4, kamar 16 ko 20 ko 60, to shekarar da mutum zai kai ta ita ma kabisa ce, ranar haihuwarsa tana nan a kalanda. Dalili kuwa a fili yake: an haife shi a shekarar da ta rabu da 4, an ƙara adadin da ya rabu da 4, jimillar ma dole ta rabu da 4. Wannan zai ci gaba da aiki har sai lissafin ya faɗa kan 2100. In kuwa iyakar ba ta rabu da 4 ba, kamar 18 ko 21 ko 35 ko 55, to ko yaushe a gajeriyar shekara za ta faɗo, babu makawa.

Mu ɗora wannan a kan dokokinmu. A Kamaru shekarun jefa ƙuri'a 20 ne cikakku. Saurayin Ngaundere da aka haifa ranar Lahadi 29 ga Fabrairun 2004 ya cika 20 ranar Alhamis 29 ga Fabrairun 2024, ba wata gardama. Amma shekarun da dokar farar hula ta Kamaru take ɗaukar mutum ya mallaki kansa, ya sa hannu a kwantiragi ko ya sayar da fili ba tare da waliyyi ba, 21 ne. Wannan saurayin a 2025 ya kai su, shekarar da Fabrairu ya tsaya a Juma'a 28. Haka shekara 18, wadda a kanta katin ɗan ƙasa yake zama wajibi, a kanta ake ba da lasin tuƙin ƙaramar mota, a kanta kuma hukuncin laifi yake hawa kan mutum cikakke.

A tsallaken kogin Logone lissafin ya sha bamban. A Cadi shekara 18 ake fara jefa ƙuri'a, kuma tun 2015 doka ta hana aurar da wanda bai kai 18 ba. Saboda haka 'yan uwa biyu da aka haifa rana ɗaya, ɗaya a Kuseri ɗaya a Njamena, gadar Ngeli kawai ta raba su, na Kamaru ranar zama mai zaɓensa tana nan a kalanda, na Cadi kuwa tasa ba ta nan.

Duk da haka yawancin ofisoshi ba sa ma kai wa ga tambayar. Sanarwar konkur ta shiga aikin gwamnati a Kamaru ta saba auna shekarun ɗan takara ne a ranar 1 ga Janairun shekarar jarrabawar. Gasar ƙwallo ta matasa ma haka, cewa ake yi wanda aka haifa daga 1 ga Janairun shekara kaza. A irin wannan ma'auni, ɗan 29 ga Fabrairu da ɗan 15 ga Yuni duk ɗaya ne. Rajistar masu zaɓe ta ELECAM, hukumar zaɓen Kamaru, kuma watanni take yi a buɗe, daga Janairu zuwa ƙarshen Agusta a shekarar da ba a kira zaɓe da wuri ba, don haka kwana ɗaya ba ya hana kowa shiga. 

## Inda kwana ɗaya yake da nauyi

Wuri na farko shi ne shari'ar laifi. Dokar hukunta laifuffuka ta Kamaru ta kasa yara kashi-kashi. Wanda bai kai 10 ba babu alhaki a kansa. Daga 10 zuwa 14 matakan gyaran tarbiyya ake ɗauka. Daga 14 zuwa 18 ana hukunta shi amma da sassauci. Daga 18 hukunci cikakke ne. Kuma shekarun da ake dubawa su ne na ranar da aka aikata laifin. Iyakokin nan uku, 10 da 14 da 18, babu wadda ta rabu da 4, saboda haka dukkansu a gajeriyar shekara suke samun ɗan 29 ga Fabrairu.

A ce yaron da aka haifa 29 ga Fabrairun 2008 an kama shi da laifin da ya auku da la'asar ranar 28 ga Fabrairun 2026. Mai gabatar da ƙara zai iya cewa Fabrairu ya ƙare, yaro ya cika 18. Lauyansa zai ce shekara ta 18 ba ta ƙare ba sai tsakar dare, da la'asar kuwa saura awanni. Ni hujjar lauyan ta fi gamsar da ni. Doka cikar shekaru take nema, abin da bai ƙare ba kuwa bai cika ba. Ga kuma tsohuwar ƙa'idar shari'ar laifi da ta ce in an samu shakka, wanda ake tuhuma ne yake cin moriyarta. Da laifin ya auku washegari da safe, da babu mai buɗe baki.

Wuri na biyu shi ne sa hannu. Wanda zai sayi fili ko shago a hannun saurayin nan na Ngaundere, in ya karɓi sa hannunsa ranar 28 ga Fabrairun 2025, ya bar ƙofa a buɗe. Gobe in rigima ta tashi, dangi za su iya cewa an yi cinikin da wanda bai kai 21 ba, su nemi kotu ta warware shi. Za su yi nasara ko ba za su yi ba, wannan na alƙali ne, amma mai saye ya sayi shari'a tare da filin. Da ya haƙura kwana ɗaya, da babu wannan hujja ko kaɗan. Ɗaurin auren yarinyar da ke cika 18 a Cadi ma haka yake, wanda ya sa rana 28 ga Fabrairu ya jawo wa kansa tambayar da 1 ga Maris ba ta da ita.

Wuri na uku shi ne ritaya, inda kwana ɗaya yake iya kumbura ya zama wata. Tun ƙarshen 2020 ma'aikatan gwamnatin Kamaru na rukunin A da B a shekara 60 suke ajiye aiki, na rukunin C da D kuma a 55. Wanda aka haifa 29 ga Fabrairun 1968 zai cika 60 ranar Talata 29 ga Fabrairun 2028, lafiya lau. Amma 55 a 2023 ta same shi. Albashi da fansho wata-wata ake lissafa su, kuma duk tsarin da ya ce canji yana farawa daga ranar ɗaya ga watan da ke biye da cikar shekaru zai ba da amsa biyu. In an ɗauki 28 ga Fabrairu, watan da ke biye Maris ne. In an ɗauki 1 ga Maris, watan da ke biye Afrilu ne. Ga wanda ke jiran fansho ya fara, 28 ta fi masa. Ga wanda ke son ƙarin wata guda na cikakken albashi, 1 ga Maris ta fi masa. Mai irin wannan ranar haihuwa ya kamata ya karanta takardar ajiye aikinsa da kyau, ya ga wace rana aka rubuta, tun kafin fayil ya yi nisa.

Daga waɗannan misalai hanyar kauce wa rigima ta fito, kuma ba ta buƙatar a jira hukuncin kowa. In haƙƙi ne mutum yake jira ya buɗe masa, kamar sa hannu, aure ko lasin, ya bari sai 1 ga Maris, domin a ranar duka ɓangarorin biyu sun yarda shekarun sun cika. In kuwa dama ce da za ta rufe da cikar shekaru, kamar takardar da aka ce a kai kafin a cika shekara kaza, ya gama da ita tun 27 ga Fabrairu, domin a ranar babu wanda zai ce ya cika. In kuma wa'adi ne na shekara guda da ya fara 29 ga Fabrairu, kamar haya ko bashi, a ɗauka 28 ce ranar ƙarshe.

Bikin zagayowar rana kuwa, ga masu yin sa, ba ruwan hukuma. Wanda ya ga dama ya yanka kek ɗinsa 28, wanda ya ga dama 1 ga Maris. Mu da muka saba da watan sama ma abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Wanda aka haifa 30 ga Sha'aban, in baɗi aka ga wata a daren 29, ranarsa ba ta zo ba ke nan, kuma ba a taɓa jin an fasa ƙidaya masa shekara ba.

## Abin da kwamfutar ofis take yi

A yau sau da yawa ba magatakarda ne yake yanke wannan hukunci ba, jadawalin da ke cikin kwamfutarsa ne, kuma shi kansa bai san an yanke ba. A Excel na Faransanci, irin wanda aka fi samu a ofisoshinmu, akwai hanyoyi biyu da aka saba bi a gano ranar da mutum zai cika 18. A ce an rubuta 29/02/2008 a gidan A1:

```
=MOIS.DECALER(A1;216)
=DATE(ANNEE(A1)+18;MOIS(A1);JOUR(A1))
```

Ta farko tana ƙara wata 216, wato shekara 18, in ta tarar watan ba shi da 29 sai ta tsaya a ranarsa ta ƙarshe. Amsarta 28/02/2026. Ta biyu tana ƙoƙarin gina 29 ga Fabrairun 2026, da ta ga babu sai ta zarce da kwana ɗaya. Amsarta 01/03/2026. Kwamfuta ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, amsa biyu, kuma babu wani jan rubutu da zai fito ya yi gargaɗi. Ga sauran ma'aikata ko ɗalibai da ke cikin jadawalin hanyoyin biyu amsa ɗaya suke bayarwa, shi ya sa ba a gane bambancin sai ranar da ya faɗa kan mutum guda. Mai kula da jerin ma'aikata, ko na makaranta, ko na asusun adashi da ke da sharaɗin shekaru, zai iya gwada nasa jadawalin cikin minti ɗaya: ya sa 29/02/2008 a matsayin gwaji ya ga abin da zai fito, sannan ya tabbata duk shafukan hanya ɗaya suke bi.

Shi Excel ɗin ma yana da tsohon aibi a wannan fanni. Yana karɓar 29/02/1900 a matsayin rana ta gaske, alhali ba a taɓa yin ta ba. An bar kuskuren ne tun farko don ya dace da wata manhajar lissafi da ta riga shi.

## Ranar da ba a taɓa yi ba a kan takardar haihuwa

A arewacin Kamaru da Cadi, matsalar da ta fi cin mutane a kan 29 ga Fabrairu a takarda take. Yara da yawa ba a yi musu takardar haihuwa a kan lokaci ba, sai an zo rajistar jarrabawar gama firamare iyaye su ruga kotu neman hukuncin da zai maye gurbinta. A nan ake tambayar ranar haihuwa, a nan kuma ake ƙiyasi. Uwa ta san ranar Juma'a ce, ta san da sanyi-sanyin ƙarshen hunturu ne, ta san Juma'ar da ta zagayo aka yi suna. Lambar wata da shekarar Bature kuwa sai wanda ya rubuta. Dattawa da yawa ma takardunsu cewa kawai suka yi an haife su wajajen shekara kaza. Ga kuma rage shekaru, da kowa ya san ana yi don konkur ko ƙwallo.

Duk wata rana ta shekara tana jure a canja mata shekara, ban da wannan. Wanda aka haifa 12 ga Mayun 2004, in aka mayar da shi 2006, takardar ba za ta tona kanta ba. Wanda aka haifa 29 ga Fabrairun 2004 kuwa, in aka rage masa shekara biyu aka bar rana da wata, an ba shi 29 ga Fabrairun 2006, ranar da ba ta taɓa wanzuwa ba. Haka in hannun magatakarda ya zame ya rubuta 2009 a maimakon 2008. A zamanin rajistar hannu irin wannan takan yi shekaru ba a lura ba. Yanzu da ake shigar da bayanai a kwamfuta wajen yin katin ɗan ƙasa, fasfo da rajistar jarrabawa, akwatin kwanan wata yakan ƙi karɓar ranar gaba ɗaya. Ma'aikacin da ke gaggawa kuma, ga layi a bayansa, zai iya danna 28 ko 1 ga Maris don aiki ya wuce. Daga nan mutum ya tashi da ranar haihuwa biyu, ɗaya a takardar haihuwa ɗaya a kati, kuma duk inda aka haɗa takardun biyu sai an tsayar da fayil ɗinsa.

Ganewa ba ta da wuya. In takarda ta ce 29 ga Fabrairu, a ɗauki lambobi biyu na ƙarshen shekarar a raba da 4. In sun rabu ba saura, kamar 96 ko 04 ko 12, ranar ta gaske ce, 2000 ma ta gaske ce. In da saura, kamar 06 ko 09 ko 98, akwai kuskure, kuma gara a gano shi yaro yana firamare da a gano shi ana saura mako guda a rufe karɓar takardun konkur. Ranar mako ma takan taimaka wajen gano shekarar gaskiya: 29 ga Fabrairu ta faɗo Lahadi a 2004, Juma'a a 2008, Laraba a 2012, Litinin a 2016, Asabar a 2020, Alhamis a 2024. Yarinyar da gida ke kira Jummai, takardarta kuma ta ce 29 ga Fabrairun 2009, kusan tabbas 'yar 2008 ce.

Gyaran kuwa ba a yin sa da biro ko farin fenti, goge lamba a takardar haihuwa jabu yake mayar da ita. Hanyar ita ce a koma meri ko cibiyar rajistar da ta ba da takardar a duba asalin kundin. In kundin daidai yake, kwafin ne ya kauce, sai a fitar da sabon kwafi. In kuskuren a cikin kundin yake, to a Kamaru sauya ranar haihuwa aikin kotu ne, kuma za a nemi shaida: takardar asibitin da aka haihu, katin awon ciki, katin rigakafin jariri, ko mutanen da suka halarci haihuwar.

Iyayen da aka yi wa haihuwa a wannan rana kuma akan ba su shawarar su rubuta 28 ko 1 ga Maris don su huta da rikici. Shawarar ba ta da kyau. Asibiti ya riga ya rubuta 29 a kundinsa da katin jariri, in meri ta rubuta wata rana daban, iyaye da hannunsu sun haifar da saɓanin da suke gudu. Ranar 29 ga Fabrairu ta shekarar kabisa halastacciyar rana ce da kowace kwamfuta mai lafiya take karɓa, kuma ita za a ci gaba da rubutawa a kowane fom, ko a shekarar da ake cika fom ɗin Fabrairu a 28 ya tsaya.